Kati 34 da Imel Ɗaya: Yadda Wani Shagon Sola a Yankin Gumel Ya Gano Odar Katin Sata

## Shagon da masu sayayyarsa

Shagon yana wani gari a yankin Gumel, Jihar Jigawa, kan hanyar da 'yan kasuwar Maigatari ke bi ranar Alhamis. Kayan sola ake sayarwa: fanel, batir, inbata, fanka da fitilu. Mai shagon dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa, yana da yaran shago biyu. Ni kuma ƙarshen wata nake zuwa in daidaita masa lissafi, shi ya sa abin ya faru a kan idona.

Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ne Alhaji ya yi rajista da wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Mai saye zai zaɓi kaya ta waya, a tura masa linki, ya rubuta sunan mai biya, sunan mai karɓa, lambar waya, imel da garin da za a kai kaya, sannan ya sa katinsa. Kayan kuma a ba direba a tasha ya sauke a ƙauyen. A ƙarshen shekarar aka buɗe karɓar katin ƙasashen waje, saboda 'ya'yan yankin da ke aiki a Saudiyya da wasu ƙasashe sun yi ta neman hanyar saya wa iyayensu kaya kai tsaye.

A irin wannan shago, sau da yawa mai biya daban, mai amfani da kaya daban. Ɗa yana Legas ko Fatakwal ko Jidda, batirin kuma ɗakin tsohuwarsa za shi. Manomin da ba shi da kati yakan kai tsabar kuɗi wurin mai POS na ƙauyensu, shi kuma ya biya masa da nasa katin. Gida guda na iya zama da waya ɗaya da mutum biyar ke yin oda da ita. Haka cinikin ya saba tafiya, kuma fiye da shekara ba a sami matsala ba.

## 18 ga Afrilu 2024: kuɗi sun fara komawa

Azumin shekarar ya faɗo cikin Maris da Afrilu, ana tsananin zafi, kayan da suka fi tafiya kuwa wani haɗi ne na fanel, ƙaramin batir da fanka biyu, a kan naira 265,000. Bayan Sallah da kwana takwas, saƙo ya shigo daga kamfanin karɓar kuɗi ɗauke da kalmar `chargeback` a kan oda uku na farkon Maris. Ma'anarta ita ce mai katin ya je bankinsa ya ce ba shi ya yi sayayyar ba, bankin kuma ya janye kuɗin daga hannun ɗan kasuwa. Duk ukun katin waje ne, duk ukun kuma wannan haɗin aka saya.

Alhaji ya tura hujjar da yake da ita: rasit, takardar direba, da hoton kayan a bayan mota. Ba a karɓa ba. Takardun sun nuna an kai kaya wani ƙauye a Jigawa, amma ba su nuna cewa mai katin ne ya amince da biyan ba. Akwai tsarin tantancewa da ake kira 3-D Secure, wanda a nan muka fi saninsa da lambar OTP da banki ke turowa waya kafin kuɗi su fita. Idan biya ya bi ta wannan tantancewar, galibi alhakin ƙorafin sata yana komawa kan bankin da ya ba da katin. Idan bai bi ba, ɗan kasuwa ne ke ɗauka. Waɗannan ukun ba su bi ba.

Abin da ya fi tayar wa Alhaji hankali shi ne da ya ji cewa a ƙa'idojin Visa da Mastercard, mai kati yana da kusan kwana 120 na shigar da irin wannan ƙorafi. Wato cinikin da aka yi murnarsa a watan Maris bai zama nasa ba sai an shiga Yuli.

## 22 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu: dokar bambancin suna

Matakin farko da aka ɗauka shi ne: duk odar da sunan mai biya ya bambanta da na mai karɓa, a tsayar da ita, a nemi mai biyan ya turo hoton katinsa da na shaidarsa. Cikin mako biyu oda 52 suka shigo, aka tsayar da 19.

Daga cikin waɗanda aka tsayar akwai wani direba da ke Jidda, wanda wannan ce sayayyarsa ta huɗu. Ya kira Alhaji da kansa ya ce, "Baba, shekara nawa kuna tare da mahaifina? Yau ni ake tambaya hoton kati kamar wanda aka kama da akuyar wani?" Ya soke odar. Mai POS na wani ƙauye da ke kawo ciniki kusan kowane mako shi ma ya ƙi tura hoton, kuma ƙin nasa daidai ne: hoton kati gaba da baya yana ɗauke da cikakkiyar lamba, ranar ƙarewa da lambobi ukun nan na baya, abin da ɓarawo ke nema ke nan. Ƙa'idar tsaron katunan biya ta hana ɗan kasuwa ajiye waɗannan lambobi uku bayan an gama biya, balle a bar su a wayar yaron shago.

A cikin makonnin ne kuma babban yaron shagon ya kira ɗaya daga cikin mutum ukun da aka kai wa kayan da aka janye kuɗinsu. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Sunansa ne a wurin mai biya, sunansa ne a wurin mai karɓa, lambarsa ce a kan odar. Yaron ya ce masa katin sata ya yi amfani da shi, ya dawo da kaya ko a kai maganar wurin 'yan sanda. Malam ya ce shi bai taɓa mallakar katin waje ba, kuma ya biya kuɗinsa cas. Ya kashe wayar, washegari ya kai ƙara wurin mai unguwarsu.

Ranar 5 ga Mayu, da wasu ƙorafe-ƙorafe huɗu suka ƙara shigowa, jimilla bakwai, Alhaji ya rufe karɓar katin waje baki ɗaya. Sabuwar ɓarna ta tsaya, amma cinikin 'yan Saudiyya ma ya tsaya tare da ita.

## Tsakiyar Mayu: zama a kan bayanan oda

A nan Alhaji ya ce in ajiye lissafin wata in duba masa wannan. Na sauke duk bayanan biya daga 1 ga Janairu zuwa 5 ga Mayu cikin jadawalin Google Sheets. Biyan da ya yi nasara 380 ne. Akwai kuma wasu 96 da aka gwada suka ƙi, waɗanda ba wanda ya taɓa buɗe su a shagon, tunda kuɗi ba su shigo ba. Kamfanin ba ya nuna cikakkiyar lambar kati, amma yana nuna lambobi shida na farko, waɗanda ke faɗin banki da ƙasar katin, da huɗu na ƙarshe. Haɗa su biyun ya isa a bambanta kati da kati a shago mai wannan girman.

Na fara da gwada dokar suna a kan oda bakwai da muka tabbatar na sata ne. Ba ta kama ko ɗaya ba. A duk bakwai ɗin sunan mai biya da na mai karɓa iri ɗaya ne, domin gurbin sunan mai biya rubutawa kawai ake yi, ba wanda ke gwada shi da sunan da ke banki. A ɗaya ɓangaren kuma, oda 151 cikin 380 suna da bambancin suna, kusan huɗu cikin kowace goma, kuma babu ƙorafi a kan ko ɗaya.

Sai na bi sauran alamomin da aka fi ambata. Odar tsakar dare ba ta nuna komai ba, domin a azumi rabin ciniki bayan tarawihi ne ko lokacin sahur. Lambar IP, wato adireshin da waya ke shiga intanet da shi, ita ma haka: kamfanonin waya kan raba lamba ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, don haka oda goma daga IP ɗaya na iya zama mutum goma da ba su san juna ba. Lambar waya kuwa kowace oda cikin bakwai da tata, kowace da ƙauyenta.

Imel ne ya rage. Da farko su ma bakwai ɗin sun yi kama da imel bakwai daban, sai da na jera su na lura haruffan iri ɗaya ne, wurin ɗigo kawai ke canzawa, wani lokaci da babban harafi. Gmail ba ya la'akari da ɗigon da ke cikin suna, saboda haka duk rasit ɗin akwati ɗaya suke faɗawa. Na buɗe sabon layi na goge ɗigon, sannan na ƙirga kati nawa daban-daban kowane imel ya gwada, har da biyan da ya ƙi. A jadawalin, `D` imel ne yadda aka rubuta shi, `E` imel bayan gogewa, `F` kuma lambobin katin nan goma:

```
=SUBSTITUTE(LOWER(D2),".","")
=COUNTUNIQUEIFS(F:F,E:E,E2)
```

Kusan kowa ya fito da 1, 'yan kaɗan da 2. Imel ɗaya ya fito da 34. Daga cikin gwaji 96 da suka ƙi, 58 nasa ne. Yadda yake yi iri ɗaya ne kullum: ya gwada kati ya ƙi, cikin minti biyu ya sa wani na wani bankin, wani lokaci na wata ƙasar, har sai ɗaya ya shiga. Sau 11 ya shiga, kuma kowane karo haɗin naira 265,000 aka saya. Bakwai su ne waɗanda muka sani. Sauran huɗun ba a yi ƙorafi a kansu ba tukuna, kuma biyu daga cikinsu sun wuce ne a makonni biyun da ake tsare masu bambancin suna.

Mai saye na gaskiya ma biyansa kan ƙi, wannan sai an kula da shi. Sabis ya ɗauke, ko OTP ya makara, ko kuɗin asusun ba su kai ba. Amma da na duba sauran gwaji 38, abin da na gani shi ne mutum yana maimaita kati ɗaya sau biyu ko uku, in ya gaji ya ɗauko na biyu, galibi na bankin gida. Ba wanda ya wuce kati biyu.

Na juya ƙirgar kuma: kowane kati, mutum nawa aka kai wa kaya da shi? Nan mai POS ɗin nan ya fito a sama, kati ɗaya da masu karɓa 27 a ƙauyuka uku da ke maƙwabtaka. Wanda bai san yankin ba zai ce ga ɓarawon nan. Amma katin ɗaya ne tun 2023, na bankin gida, kowane biya da OTP, kayan kuma iri-iri, yau fitila gobe batir. Kati ɗaya da ke yi wa mutane da yawa hidima abu ne da aka saba a karkara. Hannu ɗaya da ke jujjuya katuna 34 na mutane daban-daban shi ne ba a saba gani ba.

## 21 ga Mayu: zuwa ƙauyen Malam

Jadawalin ya nuna hannu ɗaya ne ya yi oda 11 ɗin, amma bai faɗi yadda aka yi kaya suka je gidaje 11 ba. Alhaji ya ce mu je. Muka fara sauka wurin mai unguwa, shi ya raka mu zauren Malam. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Malam, yarona ya yi maka magana da ba ta dace ba, kuma da yawuna ya yi ta. Ka yafe mana. Tambaya ɗaya na zo da ita: wa ka ba kuɗin kayan nan, kuma nawa?"

Malam ya sa jikansa ya ɗauko wayar. A wani dandalin sada zumunta ya ga tallar haɗin sola da rangwamen azumi, naira 180,000, da hotunan da aka ɗauko daga shagon Alhaji. Mai tallar ya ce shi wakilin shagon ne. Malam ya yi masa taransifa, ya ba shi suna, lamba da kwatancen gida. Bayan kwana biyu direba ya sauke kaya sababbi fil da rasit ɗin shagon. Me zai sa ya yi zargi? Har ya faɗa wa wani abokinsa, shi ma ya saya, kuma sunan abokin yana cikin jerin 11 ɗin.

Yadda damfarar take ke nan: mutum uku ne, biyu ba su san komai ba. Na tsakiya yana karɓar kuɗi masu tsabta daga mai saye, ya biya shago da katin sata, ya sa sunan mai sayen a ko'ina. Imel kaɗai yake sa nasa, don rasit da labarin tafiyar kaya su zo masa ya tura wa mai saye. Ranar da aka janye kuɗin, sunan da ke kan takarda na wanda aka yaudara ne.

Alhaji bai karɓi kayan ba. Mun kira sauran goman da wannan tambayar, takwas suka ɗauka, labarinsu ɗaya, sai dai asusun da suka tura wa kuɗi uku ne daban-daban. An haɗa lambobin asusun, hotunan tallar da jadawalin, aka kai wa 'yan sanda da kamfanin karɓar kuɗi, aka kuma shawarci kowane mai saye ya shigar da ƙorafi a bankinsa.

## Yuni: tsarin da aka koma

Ranar 3 ga Yuni aka sake buɗe katin waje, bayan Alhaji ya nemi kamfanin ya daina karɓar duk katin da bai bi ta 3-D Secure ba. An goge hotunan katunan da aka tara a wayar shago. An soke dokar suna.

Kowace safiya ƙaramin yaron shagon yana sauke bayanan kwana 14 da suka wuce, har da biyan da ya ƙi, ya duba layin ƙirga. Aikin minti goma ne. Ana dakatar da oda idan imel ko lambar waya ɗaya ta gwada kati uku ko fiye, ko kuma idan biya ya shiga bayan wasu katuna na ƙasashe daban sun ƙi a cikin awa guda. Dakatarwar ba ta wuce kwana biyu. Kafin a dakatar, sai an duba imel ɗin da ido, domin a wasu kamfanonin imel ɗigo yana bambanta mutum da mutum, goge shi na iya haɗa baƙi biyu wuri ɗaya.

Sannan duk odar da ta kai naira 150,000, da alama ko babu, ana kiran mai karɓa kafin kaya su bar shago. Da yake kowa ake kira, ba wanda ke jin an ware shi. Maganar a rubuce take a jikin bango kusa da teburin: "Salamu alaikum, daga shagon sola ne. Kayanku sun shirya, muna tabbatar da kwatance. Wa ya yi muku odar, kuma nawa aka ce muku kuɗin?" Tsohuwar da ɗanta ya saya wa za ta ce ɗana ne da ke Legas. Wanda ya bi ta mai POS zai faɗi sunansa da cikakken farashi. Wanda ya faɗi farashi ƙasa da na shago, ya kuma ambaci wakilin da shagon bai sani ba, an gane inda aka dosa.

Idan aka yanke ba za a aika kaya ba, kuɗin katin da ya biya ake mayar wa, ba wani asusu ba, ko da mai odar ya kira yana roƙon a tura masa ta taransifa. Abin da ake rubuta masa kuma jimla ɗaya ce: biyan bai kammala tantancewa ba, an mayar da kuɗin inda suka fito. Ba a ambaton sata. Jadawalin yana hannun mutum biyu kawai, ba a kuma ɗora sunan kowa ko hotonsa a zaurukan waya, domin bayanan masu saye amana ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi ɗan kasuwar da ke tara su.

## Yuli zuwa Satumba: sakamako

Oda huɗun da jadawalin ya nuna duk an janye kuɗinsu, ta ƙarshe a cikin Yuli. Asarar ta tsaya a oda 11, naira 2,915,000, kuma ba a dawo da ko kwabo ba. Daga 3 ga Yuni zuwa ƙarshen Satumba an dakatar da oda tara. Shida an sake su bayan kira, ciki har da wani ɗan kasuwar shanu da ya gwada katunansa uku saboda kowanne ya kai iyakar abin da banki ya yarda ya kashe a rana. Uku an mayar da kuɗinsu. Wasu masu katin waje na gaskiya sun kasa biya saboda lambar tantancewa ba ta iso musu ba, sai suka koma turo kuɗi ta hannun 'yan'uwa. Direban Jidda ya dawo a watan Agusta, bayan Alhaji ya je ya gaida mahaifinsa.

Oda ɗaya ta wuce ba a gane ba. Katin bankin gida ne, gwaji ɗaya, da OTP daidai, mai karɓa kuma ya amsa kira ya faɗi cikakken farashi. Daga baya aka ji an sace wa mai katin waya da jaka a kasuwa, don haka lambar tantancewar hannun ɓarawon ta je. Babu abin da jadawali zai nuna a irin wannan.

## Abin da na fahimta

A ganina dokar suna ta faɗi ne saboda tana auna yadda mai saye yake, alhali a karkara saya wa wani da biya wa wani su ne cinikin kansa. Ƙirgar katuna ta yi aiki saboda tana auna abin da ɓarawo ba zai iya bari ba: katunan da ke hannunsa yawancinsu an riga an toshe su, dole ya yi ta gwadawa, kuma kowane gwaji yana barin sawu a jerin biyan da ya ƙi. Da an buɗe wannan jerin a makon farko na Maris, da an gan shi tun oda ta biyu. Iyakar kati uku kuma ta dace da wannan shagon ne don mun auna ta da bayanansa. Shagon da masu sayensa manyan 'yan kasuwa ne sai ya auna tasa. Ranar da mai damfara ya fara buɗe sabon imel ga kowace oda, ƙirgar za ta yi rauni, kiran mai karɓa ne zai rage.

Akwai kuma abin da tsarin bai gyara ba, kuma yana damuna. Oda ukun da aka mayar da kuɗinsu sun tsare shagon, amma mutum ukun da za a kai wa kayan sun riga sun tura wa na tsakiya kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu wata mai sayar da ƙosai ce da ta kwashi adashi ta biya naira 180,000. Lokacin da aka kira ta, ranar isowar kaya take tambaya. Alhaji ya karɓi wayar da kansa ya yi mata bayani, ya sa yaronsa ya raka ƙaninta banki a ranar da lambar asusun da rasit ɗin taransifa. Ya kuma sa aka buga lambar shagon guda ɗaya da ainihin farashin kaya a kan takarda, aka manna a tasha da wuraren masu POS na ƙauyukan da direbobi ke sauke masa kaya.